"Shi ya fara": wa ke da ikon faɗin inda labarin laifi ya soma?

Sagir: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina rubutu a kan nazarin waɗanda aka yi wa laifi, na zo wani wuri na cije. Akwai ra'ayin da ke cewa wani lokaci wanda aka cuta shi ne ya kunna wutar abin da ya same shi. Duk inda na duba sai in ga ana sukar ra'ayin, wai ɗora wa wanda aka zalunta laifi ne. To amma da na karanta binciken Marvin Wolfgang na 1958, ban ga abin tashin hankali ba. Ya ɗauki fayilolin kisan kai 588 na 'yan sandan birnin Filadelfiya, daga 1948 zuwa 1952, ya tarar a guda 150 mamacin ne ya fara kai hannu ko ya fara zaro makami. Kashi 26 cikin ɗari ke nan. Ƙidaya ce kawai. Ina zargin yake a nan?

Alhaji Tanko: Wa alaikumus salam. Yaro, ai ba sai an je Amurka ba kafin a san wannan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ni ganau ne. Na taɓa barin mota a kunne da makulli a jiki, na shiga in miƙa saƙo, na fito babu mota babu dalilinta. Inda na kai ƙara, tambayar farko da aka yi mini ita ce me ya sa na bar makullin. Na ji zafi a lokacin, amma gaskiya suka faɗa. Da na cire shi da motata tana nan.

Maman Ilham: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Amma da aka tambaye ka batun makulli, an daina neman ɓarawon? Ko an ce ai kai ka ba shi motar kyauta? Domin ita mace idan ta kai ƙarar fyaɗe aka tambaye ta me ta sa a jikinta, me ya kai ta wurin, amsar da ake nema ke nan: ke kika bayar.

Alhaji Tanko: Ni ban kawo maganar mata ba, Hajiya. Mota nake magana.

Barista Lawal: Bari in sa baki. Ina ganin ana haɗa abubuwa biyu da ba sa haɗuwa. Mai bincike yana tambayar yaya abu ya faru, alƙali yana tambayar wa ke da laifi. Wolfgang ba alƙali ba ne. Kuma ita kanta shari'a ta daɗe da sanin cewa abin da mamaci ya yi yana da tasiri, shi ya sa ake da kare kai, ake kuma da tunzurawa wadda ke iya sauko da tuhuma daga kisan ganganci zuwa ƙasa da shi. Wanda ya fara tsara wannan fanni ma, Benjamin Mendelsohn, lauya ne ɗan Romaniya, kuma daga shirya kare waɗanda ake tuhuma ya lura cewa galibi akwai wata alaƙa tsakanin mai laifi da wanda ya cuta. Saboda haka masu sukar nan, da girmamawa, tausayi ne ya rinjaye su. Tausayi kuwa ba ya canja adadi.

Malama Binta: Barista, rabin maganarka na karɓa. Sagir ma yana da gaskiya cewa binciken Wolfgang ba shi ne ya tayar da ƙurar ba. Ku dubi yadda ya ɗaure ma'aunin nasa. Ba ya ƙirga zagi, ba ya ƙirga gori ko baƙar magana. Sai idan mamacin shi ne ya fara amfani da ƙarfi, ya kai duka, ko ya fito da makami. Wannan abu ne da ido ke gani, wanda yake tsaye a gefe zai iya shaida.

Kuma akwai wani sashe na bincikensa da ba a cika ambata ba. A cikin fayilolin nan akwai kisa 100 tsakanin miji da mata. Mazan da matansu suka kashe 47 ne, kuma a 28 daga ciki mijin ne ya fara kai hannu. Matan da mazansu suka kashe 53 ne, a guda 5 kawai matar ce ta fara. Wato a hannun Wolfgang, ma'aunin ya fi wanke mata ne: ya nuna cewa macen da ta kashe mijinta galibi duka take sha a lokacin, shi kuwa mijin da ya kashe matarsa ba a tsokane shi da hannu ba.

Matsalar ta zo ne a 1971, da ɗalibinsa Menachem Amir ya ɗauki ma'aunin ya kai shi kan fyaɗe. Birnin ɗaya ne, fayilolin 'yan sanda ne su ma, guda 646 na shekarun 1958 da 1960. Ya ce kashi 19 cikin ɗari macen ce ta jawo. Sagir, kafin in ci gaba, je ka karanto mana yadda ya fayyace "ta jawo".

Sagir: Na duba, Malama. A taƙaice yana cewa idan macen ta amince da farko sannan ta janye, ko kuma shi namijin ya ɗauka ta amince, ko ba ta ƙi da ƙarfi sosai ba da aka yi mata tayin. Ya kuma haɗa da yanayin da ta yi magana ko motsin da za a iya fassarawa da rashin kamun kai. Kai. Sai yanzu na lura da "ya ɗauka" ɗin nan.

Malama Binta: To nan ne gizo ke saƙar. A wurin Wolfgang, abin da ake aunawa aikin mamaci ne: ya ɗaga wuƙa ko bai ɗaga ba. A wurin Amir, abin da ake aunawa yana cikin kan mai laifin. Mace ta karɓi abin sha daga hannun wani, ko ta yarda ya rage mata hanya a mota, ba ta yi masa komai ba. Shi ne ya fassara. Idan mai bincike ya rubuta wannan a matsayin gudummawarta, ya ari idon mai fyaɗe ne ya kalli abin, sannan ya sa wa abin da ya gani lamba. Uzurin da mai laifi zai kawo a gaban alƙali, shi ne ya koma ma'aunin ilimi.

Akwai kuma abu na biyu. Wanda ya fara duka ya aikata abin da yake jinsi ɗaya da abin da aka yi masa, tashin hankali ya haifi tashin hankali. Amma wadda ta ce to sannan ta ce a'a, haƙƙinta ta yi amfani da shi. Ba ƙaramin fyaɗe ta yi ba da za a ce an rama mata da babba. Masu suka irin su Kurt Weis da Sandra Borges tun 1973 suka nuna cewa irin wannan tsari yana mayar da mace wadda ya halatta a cuta.

Nura: Ni fa ban gane ba. Kuna nufin a Amurka idan mace ta shiga motar mutum ba za a hukunta shi ba? Wannan wace irin doka ce?

Barista Lawal: A'a Nura, ba doka ba ce, binciken jami'a ne. Babu kotun da ta ce haka.

Malama, na yarda Amir ya kwafsa. Amma kuskuren mutum ɗaya ba ya rushe ra'ayi. A gyara ma'aunin, a ci gaba. Idan likita ya auna zazzaɓi da lalataccen abin awo, ba a cewa babu zazzaɓi.

Malama Binta: An gwada gyarawa, kuma sakamakon ne ya kamata ya ba ka tsoro. A ƙarshen shekarun 1960 wani kwamitin gwamnatin Amurka kan tashin hankali ya duba fayilolin birane 17. A kisan kai ya samu kusan kashi 22, bai yi nisa da na Wolfgang ba. A fyaɗe kuwa, da ya matse ma'aunin ya cire zaton mai laifi, sai adadin ya faɗo zuwa wajen kashi 4. Daga 19 zuwa 4. Biranen sun bambanta, na sani, amma na kisa bai yi irin wannan tsalle ba. Adadin da zai iya raguwa haka don an sake jimla ɗaya a ma'auni, ya fi ba ka labarin mai awon fiye da labarin matan.

Maman Ilham: Ni ko kashi 4 ɗin ban yarda da shi ba. Kuma ku yi haƙuri, shi ma Wolfgang ɗin da kuke ta wankewa ina da tambaya a kansa. Wanda aka kashe ya mutu. Wa ya gaya wa ɗan sanda cewa shi ya fara?

Malama Binta: Tambayar da ta fi kowace nauyi ke nan, Maman Ilham. Idan akwai shaidu, da sauƙi. Idan kuwa a ɗaki aka yi su biyu, labarin daga bakin wanda ya yi kisan yake fitowa, mutumin da ya fi kowa buƙatar a yarda cewa an fara kai masa hannu. Ɗan sanda ya rubuta, mai bincike ya zo bayan shekaru ya ƙirga. A fayilolin fyaɗe na wancan zamani kuma, abin da ɗan sanda ya ga dama ya rubuta game da "halin" macen shi ne ya zama bayanan bincike, har da cewa wai an san ta da mummunan suna.

Bari mu yi aikin da hannu, Sagir, don ka ga inda ko ma'aunin kirki yake karyewa. Misali ne na ƙirƙira, ba fayil na gaske ba. Miji ya shekara yana dukan matarsa. Wata rana da dare ya shigo yana zagi, ya tare ƙofa, ya ce yau sai ta gane kurenta. Bai taɓa ta ba tukuna. Ita ta san abin da ke biyo bayan wannan muryar, sai ta ɗauki kujera ta jefe shi don ta samu hanyar fita. Ya kama ta ya shaƙe ta har lahira. Da ma'aunin Wolfgang, a wane layi za ka sa ta?

Sagir: Ita ta fara amfani da ƙarfi, zagi kuma ba a ƙirga shi. To sai ta shiga layin waɗanda suka jawo wa kansu. Amma wannan ai zalunci ne.

Malama Binta: Ka bi ƙa'idar daidai, kuma ta kai ka ga ƙarya. Dalili shi ne ma'aunin yana fara ƙirga lokaci daga daren kisan. Idan ka fara labarin daga kujera, ita ta fara. Idan ka fara daga tare ƙofa, shi ya fara. Idan ka fara daga dukan farko na bara, babu ma tambaya. Fayil ɗin ɗan sanda na dare ɗaya ne, don haka duk wanda ya dogara da shi ya riga ya zaɓi mafari ba tare da ya sani ba. Kuma wannan zaɓi ba ƙidaya ba ce, Barista, hukunci ne. Shi ya sa ban yarda a ce mai bincike ya tsaya can gefe yana tambayar "yaya" kawai ba. Kalmar "fara" tana ɗauke da hukunci a cikinta.

Ka kuma lura cewa ma'aunin yana ɗaukar mutanen biyu kamar ƙarfinsu ɗaya. Jifa da kujera daga mai neman tsira da shaƙewa daga mai tare ƙofa, dukansu "amfani da ƙarfi" ne a takarda. A faɗan maza biyu da suka sha suka bugu, inda sa'a ce kawai ta raba wanda ya mutu da wanda ya tafi kurkuku, wannan ɗauka ba ta da laifi sosai, kuma irin wannan faɗa ne ra'ayin ya fi dacewa da shi. Da zarar ɗaya yana iko da ɗaya, sai ta zama ɓata.

Barista Lawal: Misalinki mai ƙarfi ne, amma kin zaɓo wanda zai taɓa zuciya. Ni ma zan iya kawo nawa: mutum ya zo da adda zai sare maƙwabcinsa, maƙwabcin ya ƙwace ya sare shi. Za ki hana a ce mamacin ne ya jawo? Idan muka hana a faɗi haka don gudun zargi, wanda ya kare kansa muka zalunta.

Malama Binta: Ba zan hana ba. A nan ma'aunin ya yi aikinsa. Abin da nake cewa shi ne yana da iyaka ƙunci: tashin hankali na jiki, tsakanin mutanen da ƙarfinsu bai yi nisa ba, a rigimar da ta soma kuma ta ƙare a zama ɗaya, da shaidar da ba ta bakin mai kisan kaɗai ba. Wajen wannan da'ira, sai a yi hattara.

Alhaji Tanko: To ni fa, a ina nake? Har yanzu ina nan a kan bakata, sakacina ne.

Malama Binta: Alhaji, naka daban ne. Kai ba ka tsokani kowa ba, sauƙaƙa wa ɓarawo aiki ka yi. Da niyyarsa ya fito, da bai samu taka ba da ya nemi ta wani. Makullin ya bayyana dalilin da ya sa taka ce aka ɗauka ba ta kusa da ita ba, amma bai bayyana dalilin da ya sa aka yi sata ba. Cakuɗa waɗannan tambayoyi biyu shi ne rabin rigimar fannin nan.

Sannan in tambaye ka: wannan ne karon farko da ka bar mota a kunne?

Alhaji Tanko: Ina fa. Na saba yi idan ba daɗewa zan yi ba.

Malama Binta: A duk waɗancan ranaku babu wanda ya kira shi sakaci, har kai kanka. Ranar da aka sace ne ya samu sunan. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1985 Ronnie Janoff-Bulman da abokan aikinta sun ba mutane labari guda na wata mace da ta fita da wani namiji, komai iri ɗaya, sai ƙarshen kawai aka bambanta: wasu aka ce musu ya mayar da ita gida, wasu aka ce ya yi mata fyaɗe. Waɗanda suka ji ƙarshe na biyu sun fi ganin laifin abubuwan da ta yi tun farko, alhali abubuwan ba su canja ba. Mai binciken da ke karanta fayil yana cikin wannan hali kullum, domin ya san ƙarshen kafin ya karanta farkon. Kuma fayilolin waɗanda aka cuta kaɗai ke gabansa. Dubban matan da aka rage wa hanya suka isa gida lafiya ba su da fayil, don haka ba shi da abin da zai kwatanta ya ce wannan hali ne ya haifar da abin. Ya ga an cuci mutum, ya waiwaya ya nemo abin da ya yi, ya kira shi sanadi, hujjarsa kuwa ita ce an cuce shi. Zagaye ke nan.

Nura: To idan haka ne kada a sake gaya wa kowa ya kulle ƙofarsa ke nan? Kada a ce an zarge shi?

Maman Ilham: Nura, gaya wa mutum ya kulle ƙofa kafin a yi sata shawara ce. Gaya masa bayan an yi, yana tsaye yana kuka, wani abu ne daban. Kuma ƙofa ana kullewa a tafi. Ita macen da wanda zai cuce ta mijinta ne ko ɗan'uwa ko maigidanta a wurin aiki, wace ƙofa za ta kulle?

Barista Lawal: A nan na fi kusa da Nura. Bayan rigimar Amir fannin bai mutu ba, ya sake riga ne. A 1979 Lawrence Cohen da Marcus Felson suka ce laifi na faruwa idan abu uku suka haɗu a wuri ɗaya: mai niyya, abin da ya dace a kai wa hari, da rashin mai tsaro. Babu zargi a ciki, kuma ana aiki da shi wajen rage fasa gidaje da satar motoci. Amma idan ka duba da kyau, har yanzu ana tambayar ina wanda aka cuta yake, da wa yake, ƙarfe nawa. Tambayar da aka kora ta ƙofa ce ta dawo ta taga, sai dai da ladabi.

Malama Binta: Akwai bambanci, ko da yake ba zan ce ya share komai ba. Ƙa'idar Cohen da Felson tana auna haɗari a kan jama'a masu yawa: masu aikin dare sun fi haɗuwa da 'yan fashi, misali. Ba ta buɗe fayil ɗin mutum ɗaya ta raba masa kason laifi. Amma na yarda, a bakin wanda bai yi hankali ba, "kina cikin masu haɗari" yana komawa "me ya fitar da ke" cikin numfashi ɗaya. Kuma masu suka sun ce tana ɗaukar mai niyyar laifi kamar ruwan sama, abin da yake nan kawai, sai kowa ya nemi lema.

Kada kuma a ɗauka maganar ta tsaya a aji. A Birtaniya akwai tsarin biyan diyya daga gwamnati ga waɗanda aka ji wa rauni ta hanyar laifi, tun 1964, kuma ana iya rage kuɗin ko a hana gaba ɗaya saboda halin da mai nema ya nuna kafin abin ko lokacinsa. Wani ma'aikaci ne zai zauna da fayil ya yanke inda labarin ya soma, daidai aikin da na ba Sagir ɗazu.

Barista Lawal: Kuma dole wani ya yanke, Malama. Ba za a biya wanda ya je fashi aka karya masa hannu daga kuɗin jama'a ba. Ina nan a kan cewa ra'ayin ba shi da makawa, amfani da shi ne ke buƙatar hankali.

Maman Ilham: Shi ɗan fashin kowa ya gane shi. Waɗanda ke tsakiya nake ji, wadda ta sha giya a daren, ko wanda ya mayar da zagi kafin a fasa masa kai. Irinsu ne aka taɓa rage wa.

Sagir: Na gode ƙwarai. Zan raba rubutun gida biyu, kisa daban fyaɗe daban, in nuna inda ma'aunin ya sauya. Abu ɗaya ne ya rage mini. Idan ni ne da fayilolin a gabana, kuma na ƙi farawa daga daren kisan, ina zan tsaya da komawa baya? Mako ɗaya, shekara? Idan na koma can da nisa, shi ma mai kisan zai ce an taɓa yi masa wani abu.

Malama Binta: Ba ni da layin da zan ja maka wanda kowa zai yarda da shi. Abin da zan yi a matsayinka shi ne in ƙirga sau biyu, ɗaya da ma'aunin dare ɗaya, ɗaya da tarihin duka ko barazana idan fayil ya nuna, in kuma ware fayilolin da mai kisan ne kaɗai shaida. Sai ka rubuta fayil nawa ne suka sauya layi tsakanin ƙidayar farko da ta biyu. Turo mini daftarin idan ka gama sashen Amir, akwai abin da nake so in duba a yadda za ka kawo kashi 19 ɗin.